Matakan Shari'ar Madani Daga Shigar da Ƙara Zuwa Yanke Hukunci: Bayani Ga Wanda Zai Fara Zuwa Kotu

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin matakan da ƙarar madani take bi a Babbar Kotun Jiha a Nijeriya, tun daga ranar da mai haƙƙi ya yanke shawarar zuwa kotu har zuwa ranar da alƙali ya karanta hukunci. An ɗauki misalin ƙarar bashi guda ɗaya an bi ta daga farko zuwa ƙarshe. Abin da maƙalar ta nuna shi ne, kowane mataki yana rage yawan abin da ake jayayya a kansa, kuma yana rufe wata ƙofa da take da wuyar sake buɗewa. Saboda haka yawancin abin da ke yanke makomar ƙara yana faruwa ne a kan takarda, tun kafin shaida na farko ya buɗe baki.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya saba da shari'ar baki. A Kotun Shari'a, mai ƙara yakan tsaya gaban alƙali ya faɗi da'awarsa, a juya ga wanda ake ƙara ya amsa da iƙirari ko inkari, sannan a nemi shaidu ko a koma ga rantsuwa. Wanda ya ɗauki wannan hoto a zuciyarsa ya nufi Babbar Kotu yakan sha mamaki, domin zai iya shafe watanni yana zarya ba a ce masa ya yi magana ba, alhali shari'ar tana ta tafiya a cikin takardun da lauyoyi ke musanya. Shari'ar madani ita ce wadda mutum ke neman haƙƙinsa daga wani, kamar bashi ko diyya ko fili, ba wadda hukuma ke neman hukunta mai laifi ba.

Domin bayanin ya zauna daram, mu ƙaddara wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano ya ba wani ɗan kasuwa mazaunin Kaduna masara buhu 500 a kan naira 60,000 kowane buhu. Jimillar kuɗin ta kama naira miliyan 30. Mai sayen ya biya miliyan 10 ta banki, ya sa hannu a takardar karɓar kaya, sannan ya daina ɗaukar waya. Saura miliyan 20. Da wannan ƙara za mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Kafin a Taka Ƙofar Kotu

Tambayoyi uku ne ke gaban mai hatsi kafin ya biya ko kwabo a rajista: wace kotu, wa zai yi ƙara, kuma ko lokaci bai ƙure ba.

Tambayar farko ita ce ta hurumi, wato ikon kotu na sauraron wannan magana. Sashe na 272 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Jiha hurumi mai faɗi a kan shari'un madani, amma ƙananan kotuna suna da iyakar kuɗin da dokar jiha ta yanka musu, kuma wasu batutuwa an keɓe su ga Babbar Kotun Tarayya ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Tun a shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 aka kafa ƙa'idar cewa duk shari'ar da aka yi ba tare da hurumi ba ta ɓaci, kome kyan yadda aka gudanar da ita. Ana iya tayar da wannan magana a kowane lokaci, har a Kotun Ƙoli. Ke nan mutum na iya cin nasara bayan shekaru, a zo a rushe komai saboda ƙofar da ya shiga tun farko ba ita ba ce.

Tambaya ta biyu ta shafi sunan wanda za a yi ƙara. Idan kamfani mai rajista ne ya sayi masarar, kamfanin za a kai ƙara da cikakken sunansa na rajista, ba mai kamfanin ba, domin a idon doka mutane biyu ne daban. Mai hatsi zai duba takardar karɓar kaya ya ga da sunan wa aka sa hannu.

Tambaya ta uku ita ce ta wa'adi. Dokokin jihohi sun ƙayyade lokacin da za a iya kai ƙarar yarjejeniya: shekara shida a Legas, shekara biyar a wasu jihohi. Ana fara ƙidaya ne daga ranar da ya kamata a biya aka ƙi. Idan kuwa jami'in gwamnati ake ƙara a kan abin da ya aikata a bakin aikinsa, dokar kare jami'an gwamnati ta rage wa'adin zuwa wata uku, sai a wasu keɓantattun halaye. Haƙurin da al'ada ta yaba, inda mai bin bashi ke ta aika dattawa shekara da shekaru, yana iya cinye haƙƙin kai ƙara. Abin da ke sabunta wa'adin bashi shi ne wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ko ya biya wani ɓangare. Shi ya sa lauya yakan fara da rubuta takardar neman biya, domin amsar da za ta dawo, ko da ta roƙon ƙarin lokaci ce, hujja ce.

3.0 Shigar da Ƙara

A tsarin da ya fara da ƙa'idojin Babbar Kotun Legas na 2004, wanda jihohi da dama suka bi daga baya, mai ƙara yana baje kolin hujjojinsa ne tun ranar farko. Lauyan mai hatsi zai kai wa rajistaran kotu takardar sammaci tare da abubuwa huɗu: bayanin da'awa, jerin sunayen shaidu, rubutaccen bayanin kowane shaida da ya rantse a kai, da kwafen duk takardun da za a dogara da su. Rajista za ta ƙiyasta kuɗin shigarwa, a biya, a ba ƙarar lamba. Dole lauya ya sa hannu da sunansa na kansa, domin a shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi kawai ba ta inganta ba.

Bayanin da'awa shi ne ginshiƙin ƙarar. A cikinsa za a jera abin da ya faru sakin layi bayan sakin layi: ranar ciniki, yawan buhuna, farashi, abin da aka biya, abin da ya saura, sannan a rufe da abin da ake roƙon kotu ta yi. Ƙa'idoji biyu ne suka sa wannan takarda ta fi kowace nauyi. Ta farko, duk shaidar da aka bayar a kan abin da ba a rubuta a da'awa ba, kotu za ta yi watsi da ita kamar ba a faɗa ba. Ta biyu, kotu ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba, ba ta kuma ba shi fiye da abin da ya roƙa. Saboda haka wajibi ne mai ƙara ya faɗa wa lauyansa komai, har da abin da yake ganin zai cuce shi.

Mu ƙaddara mai hatsi ya roƙi miliyan 20, ya kuma ƙara da naira miliyan ɗaya da rabi a matsayin kuɗin da ya kashe wajen zirga-zirgar neman bashinsa, ba tare da ya fayyace ranaku da adadin kowace tafiya ba. Ya kuma ɓoye wa lauyansa wani saƙon waya da ya taɓa aikawa. Za mu ga inda waɗannan abubuwa biyu za su kai shi.

Akwai batun harshe a wannan mataki. Ingilishi ne harshen Babbar Kotu, kuma da shi ake rubuta bayanin shaida. Idan shaidan bai iya karanta Ingilishi ba, sai an karanta masa an fassara masa, a kuma rubuta a ƙarshen takardar cewa an yi hakan kuma ya fahimta kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Kada shaida ya ɗauki wannan a matsayin cika ƙa'ida kurum. A kan kowace jimla ta wannan takarda za a titsiye shi daga baya, kuma bambancin da ke tsakanin "na ba shi kaya" da "na aika masa kaya" yana iya zama abin da shari'a za ta juya a kansa.

4.0 Isar da Sammaci

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya tabbatar wa kowa haƙƙin a saurare shi, kuma ba a sauraron wanda bai san an kai shi ƙara ba. Don haka ma'aikacin kotu zai kai takardun hannu da hannu ga wanda ake ƙara, ya dawo ya rubuta rantsuwar cewa ya isar, da rana da wuri. Idan mutumin yana ɓuya, lauya zai roƙi kotu izinin isarwa ta wata hanya, kamar liƙa takardun a ƙofar gidansa ko buga su a jarida. Ba a yin haka sai da izinin kotu.

Da yake wanda ake ƙara a misalinmu yana Kaduna, akwai ƙarin sharaɗi. Sashe na 97 na dokar tarayya da ta tsara isar da takardun kotu ya ce dole a rubuta a jikin sammacin cewa za a isar da shi a wajen jihar da ta fitar da shi, sashe na 99 kuma ya ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 kafin ya amsa. Mai ƙara yakan ƙosa a wannan mataki, amma gaggawa a nan asara ce: hukuncin da aka samu ba tare da isar da sammaci yadda ya kamata ba, rushe shi ake yi da zarar wanda ake ƙara ya bayyana ya koka.

5.0 Amsar Wanda Ake Ƙara da Tace Batutuwa

Wanda aka kai wa sammaci zai shigar da takardar bayyana kansa, sannan ya kawo takardar kariya da nasa shaidun da takardunsa a cikin kwanakin da ƙa'idojin kotun jihar suka tanada. Idan ya yi biris, mai ƙara na iya neman a yanke hukunci a bayan idonsa, ko da yake kotu na iya janye irin wannan hukunci idan ya zo da uzuri mai ƙarfi da kariya mai ma'ana. Akwai kuma gajeriyar hanya ga bashin da adadinsa sananne ne: mai ƙara ya rantse cewa a saninsa wanda ake ƙara ba shi da wata kariya, sai kotu ta yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba, muddin ɗaya ɓangaren bai nuna akwai abin jayayya na gaske ba.

A misalinmu akwai abin jayayya. Ɗan kasuwar Kaduna ya amsa cewa ya karɓi buhu 500 a kan wannan farashi, amma ya ce buhu 100 sun zo a jiƙe sun ruɓe, wato naira miliyan 6, ya kuma ce ya ba yaron mai hatsi miliyan 5 kuɗi hannu. A lissafinsa miliyan 9 kawai ake bin sa. Mai hatsi yana da damar mayar da martani a rubuce a kan waɗannan sababbin maganganu, kuma ya kamata ya yi, ya musanta su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan musayar takardu ta rufe.

A nan ne ake ganin amfanin tsarin. Sashe na 123 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce abin da aka amsa ba ya buƙatar hujja. Ciniki da farashi da yawan buhuna sun fita daga jayayya. Miliyan 9 ɗin da aka amsa, lauyan mai hatsi na iya roƙon a yanke hukunci a kansu nan take. Ƙarar miliyan 20 ta koma tambayoyi uku ƙanana: shin buhu 100 sun lalace, shin an biya miliyan 5, shin mai ƙara ya cancanci kuɗin zirga-zirga.

A jihohin da ƙa'idojinsu suka tanadi zaman share fage, alƙali yakan zauna da lauyoyin biyu ya tantance waɗannan tambayoyi, ya warware ƙananan roƙe-roƙe, ya kuma duba yiwuwar sulhu. A Kano akwai cibiyar sulhu da ke ƙarƙashin Babbar Kotu wadda ake iya tura ƙara gare ta. Idan an daidaita, sai a rubuta sharuɗɗan, kotu ta mayar da su hukunci mai ƙarfin zartarwa kamar kowane hukunci. Ya kamata mai ƙara ya auna tayin sulhu da idon basira, domin miliyan 15 a hannu bana na iya fin miliyan 20 da za a samu bayan shekaru.

6.0 Sauraron Shaidu

Sashe na 131 na Dokar Shaida ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya yi iƙirarin wani abu, sashe na 134 kuma ya ce a shari'ar madani ana yanke hukunci ne bisa rinjayen hujja. Alƙali yana ɗora shaidar ɓangarorin biyu a kan ma'auni ya ga wadda ta fi nauyi, kuma inganci ake dubawa, ba yawan shaidu ba. Sai dai idan wani ya zargi ɗan'uwansa da laifi a cikin ƙarar, kamar ƙirƙirar takardar bogi, to sashe na 135 ya ce sai ya tabbatar da shi ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba, kamar yadda ake yi a shari'ar laifi.

Mai ƙara ne ke farawa. Zai shiga akwatin shaida, ya yi rantsuwa, ya tabbatar da cewa rubutaccen bayanin nan nasa ne kuma ya ɗauke shi a matsayin shaidarsa. Sai an yi haka bayanin ke zama shaida. Daga nan lauyansa zai miƙa takardu: takardar karɓar kaya, bayanin asusun banki, takardar neman biya. Ɗaya lauyan na iya ƙalubalantar kowace, alƙali ya yanke ko a karɓa a sa mata lamba ko a ƙi. Duk abin da ya fito daga kwamfuta ko waya, kamar saƙonni da bayanin asusu, sai an cika sharuɗɗan sashe na 84, waɗanda suka haɗa da bayanin na'urar da ta fitar da shi da tabbacin tana aiki daidai.

Sai tambayoyin titsiye, inda lauyan ɗaya ɓangaren ke gwada gaskiyar shaida. A nan ne lauyan ɗan kasuwar Kaduna ya fito da saƙon da mai hatsi ya ɓoye, wanda tun farko yana cikin takardun kariya, inda mai hatsi ya rubuta cewa ya ji buhu 50 sun jiƙe a hanya kuma za a cire kuɗinsu. Mai hatsi ya riga ya rantse cewa babu buhu ko ɗaya da ya lalace. Yanzu ya rasa naira miliyan 3, ya kuma zubar da wani abu daga ƙimar maganarsa a idon alƙali. Bayan titsiye, lauyansa na iya yi masa tambayoyin gyara, amma don fayyace abin da ya rikice kawai, ba don kawo sabon zance ba. Shawara ga shaida a nan gajeriya ce: ya saurari tambaya har ƙarshe, ya jira tafinta ya gama, ya amsa abin da aka tambaya, in bai sani ba ya ce bai sani ba.

Da mai ƙara ya rufe, sai wanda ake ƙara ya buɗe kariyarsa ta wannan hanya. Tunda shi ya ce ya biya miliyan 5, a kansa nauyin tabbatarwa yake. Ba shi da rasit, bai kira wanda ya ga an ƙirga kuɗin ba, yaron mai hatsi kuwa ya zo ya musanta kuma titsiye bai girgiza shi ba. Game da sauran buhu 50, babu hoto, babu ƙorafi a rubuce, ga kuma sa hannunsa a takardar karɓar kaya. Abin da aka rubuta a takardar kariya amma ba a kawo shaida a kansa ba, ana ɗaukar an yi watsi da shi.

Wannan mataki ne ya fi cin lokaci saboda ɗage zama. Mai ƙara ya riƙa halarta ko ya tabbatar lauyansa ya halarta, domin idan aka kira ƙara babu kowa daga ɓangarensa, ana iya cire ta daga jerin shari'u. Wadda aka cire ana iya roƙon a maido da ita, amma wadda aka kora bayan an saurari hujjoji ba ta dawowa sai ta hanyar ɗaukaka ƙara.

7.0 Jawabin Ƙarshe da Hukunci

Bayan an rufe shaida, lauyoyi za su shigar da jawabin ƙarshe a rubuce. Idan wanda ake ƙara ya kira shaidu, shi ke farawa, mai ƙara ya amsa, sannan wanda ake ƙara ya mayar da martani a kan batutuwan doka kawai. Jawabin lauya, kome fasaharsa, ba ya maye gurbin shaidar da ba a kawo ba.

Sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta wa kotu ta yanke hukunci a rubuce cikin kwana 90 daga kammala shaida da jawabin ƙarshe, ta kuma ba ɓangarorin kwafe cikin kwana bakwai da karanta shi. Wuce wa'adin ba ya rushe hukunci kai tsaye, sai an nuna jinkirin ya jawo rashin adalci.

A ƙararmu, alƙali zai amsa tambayoyi ukun nan. Buhu 50 sun lalace bisa iƙirarin mai ƙara da kansa, don haka a cire miliyan 3. Biyan miliyan 5 bai tabbata ba. Kuɗin zirga-zirga asara ce ta musamman wadda doka ke buƙatar a fayyace ta dalla-dalla a da'awa a kuma tabbatar da ita da hujja, kuma ba a yi ba, don haka an ƙi. Mai hatsi ya tashi da naira miliyan 17, wanda ya haɗa da miliyan 9 da aka amsa tun farko, da kuma kuɗin ɗawainiyar shari'a gwargwadon abin da alƙali ya ga ya dace, wanda sau da yawa bai kai abin da aka kashe ba.

8.0 Kammalawa

Hukunci umarni ne, kuma kuɗi ba ya shiga aljihu ranar da aka karanta shi. Idan wanda aka kayar bai biya ba, sai mai nasara ya koma kotu ya nemi a kama kadarorinsa a yi gwanjonsu, ko a umarci bankinsa ya biya daga asusunsa. Wanda bai gamsu ba yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe, ko kwana 14 a kan hukuncin tsakiyar shari'a, kamar yadda sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya tanada. Ɗaukaka ƙara kuma ba ta dakatar da zartarwa sai an roƙa an samu umarni na musamman.

Idan aka waiwayi ƙarar mai hatsi, za a ga miliyan 17 da ya samu sun fito ne daga takardar da aka sa wa hannu ranar sauke kaya da bayanin asusun banki. Miliyan ɗaya da rabi da aka hana shi kuwa sun salwanta ne tun ranar da ya zauna da lauyansa aka rubuta da'awa, kuma a wannan zaman ne ya ɓoye saƙon da ya zo ya kunyata shi a akwatin shaida. Wanda zai fara zuwa kotu ya fi buƙatar natsuwa a wannan zama na farko fiye da ranar da zai tsaya gaban alƙali.